Sharhi kan shagon kwamfutar da ya buga mana tsarin mulkin ƙungiya daga hotuna

Gaskiya yaron nan na shagon kwamfuta da ke bakin kasuwarmu ya iya aiki, kuma ba saurin bugu nake nufi ba. Tsarin mulkin ƙungiyarmu ta adashi ne, shafi 18, sakatare ya ɗauke shi hoto ɗaya bayan ɗaya ya turo ta WhatsApp, ga shi babu lambar shafi a jikin takardun. Su hotunan suna zuwa da suna irin IMG-20240312-WA0007, kuma wannan lambar ta ƙarshe ba ta shafi ba ce, ta yadda suka sauka a waya ce kawai, in netwok ya yi wasa sai na baya ya riga na gaba.

Abin da ya burge ni, bai taɓa kibod ba sai da ya jera su. Yana buɗe hoto ya karanta layin ƙarshe, ya nemo wanda layinsa na farko ya ɗora a kai, in shafi ya ƙare da "duk mamban da ya kasa biyan" to dole na gaba ya fara da kuɗin wata ko wani abu makamancin haka. Wanda ya tabbatar sai ya sake masa suna 01, 02, 03, ya ce in ka sa 1, 2, 3 kawai wasu manhajojin sai su ajiye 10 da 11 kafin 2.

A nan ne ma ya gano hoto 18 ɗin shafi 17 ne, an ɗauki ɗaya sau biyu, ɗaya kuma babu shi sam. Sashe na 6.3 ya ƙare sai ga 6.7, ya ce "Alhaji, a kira sakatare, akwai shafin da bai zo ba." Kuma sashen rabon riba ne fa, wurin da rigima take tashi, da an buga haka an raba wa mambobi ai da an sha kallo.

Kanun ma bai yi musu baƙin rubutu kawai ya wuce ba, manyan babi ya sa musu Heading 1 a Word, ƙananan sassa Heading 2, shi ya sa jerin abin da ke ciki ya fito da kansa da lambar shafi daidai. Sunan ƙungiya da ke maimaituwa a saman kowace takarda ya gane ba kan babi ba ne, ya kai shi sau ɗaya cikin Header, wato wurin da rubutu ke fitowa da kansa a saman kowane shafi.

Inda ya gaza shi ne teburin tara, wanda ya fara a shafi 12 ya ƙarasa a 13, ya mai da shi tebur biyu, na biyun babu kan ginshiƙai, ba ka sanin wanne ne kuɗin tara wanne ne wa'adi, sai da na sa ya haɗe su. Kuma ƙ da ɗ duk ya buga su k da d. Zan koma wurinsa, amma sai sakatare ya rubuta lamba da biro a kusurwar kowane shafi kafin ya ɗauka, ya kuma turo su a WhatsApp a matsayin Document, ba a matsayin hoto ba, don rubutu ya fito tar.