Kunkuru da zomo ko ajiye gaɓoɓi a `set`: wanne ya fi wajen gano zobe a jeri mai sarƙa?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ba mu aikin gano ko jeri mai sarƙa yana da zobe. Ni na yi da `set` kuma ya yi aiki, amma malaminmu ya ce a yi da manunai biyu, ɗaya mai sauri ɗaya mai nawa. Ina bambancinsu? Kuma mene ne tabbacin mai saurin ba zai tsallake ɗan'uwansa ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Aikinka daidai ne, ba sai ka goge shi ba. Hanyoyin biyu amsa ɗaya suke bayarwa, abin da kowace take ci ne ya bambanta: taka tana cin memori, ta malaminku tana cin taku.

Mu ɗauki jeri guda mu gwada su duka a kansa. Gaɓoɓi takwas ne, daga A zuwa H, kowace tana nuna ta gabanta ta hanyar `next`. Sai dai H, maimakon ta nuna `None` a ce jeri ya ƙare, ta koma tana nuna D. Ke nan akwai miƙaƙƙiyar hanya mai taku uku daga A zuwa D, sannan zobe mai gaɓa biyar: D, E, F, G, H.

Taka hanyar ba ta da wani ruɗani. Duk gaɓar da ka taka sai ka rubuta ta, kafin ka rubuta kuma ka duba ko tana nan. Ka bi A har H kana rubutawa, a taku na takwas ka faɗo kan D, ka tarar da ita a rubuce. Ka san akwai zobe, kuma a kyauta ka san bakinsa, domin gaɓar farko da ta maimaitu ita ce ƙofar shiga. Sau takwas kacal ka karanta `next`. Kuɗin da ka biya shi ne wurin ajiye gaɓoɓi takwas. A nan ba komai ba ne, amma idan gaɓoɓin miliyan goma ne, a kwamfuta mai bit 64 kowane adireshi bait 8 ne, wato bait miliyan 80 na adireshi zalla, kuma `set` na Python yana cin fiye da ninkin haka saboda yana ajiye lambar hash ta kowace gaɓa, yana kuma barin gurabe a buɗe.

Ta malaminku ita ce ake kira kunkuru da zomo, wadda Donald Knuth ya jingina wa Robert Floyd a 1969. Ba ta rubuta komai. Manunai biyu ne ke tashi daga kan jeri, kunkuru yana taku ɗaya, zomo yana biyu.

```python
def akwai_zobe(kai):
    kunkuru = zomo = kai
    while zomo is not None and zomo.next is not None:
        kunkuru = kunkuru.next
        zomo = zomo.next.next
        if kunkuru is zomo:
            return True
    return False
```

Idan babu zobe, zomo zai ci karo da `None`, shi ke nan an tashi. Idan akwai, ga yadda za ta kasance a jerinmu. Zagaye na farko kunkuru yana B, zomo yana C. Na biyu, C da E. Na uku, D da G. Na huɗu kunkuru yana E, zomo ya bi ta H ya dawo D. Na biyar dukansu suna F.

Amsar tambayarka ta biyu tana cikin zagaye na uku, lokacin da kunkuru ya sa ƙafa cikin zobe. Daga wannan lokaci ka daina kallon zomo a matsayin wanda ke gaba. A cikin zobe na gaba ma na baya ne: zomo yana G, kunkuru yana D, kuma daga G zuwa D taku biyu ne, ta H. A kowane zagaye kunkuru ya ƙara tazarar da ɗaya, zomo ya rage ta da biyu, ke nan tana raguwa da ɗaya cif. Biyu, ɗaya, sifili. Lambar da ke sauka ɗaya bayan ɗaya ba ta da yadda za ta wuce sifili ba ta tsaya a kansa ba, shi ya sa tsallakewa ba ta yiwuwa. Kuma da yake tazarar ba ta taɓa kai tsawon zoben ba, za su haɗu tun kunkuru bai gama kewaye zoben sau ɗaya ba. Daga nan ne ake samun O(n) na lokaci da O(1) na memori, ita kuwa taka O(n) ce a duka biyun.

To amma ka ƙirga. Kunkuru ya yi taku biyar, zomo goma, wato an karanta `next` sau goma sha biyar domin ciyar da su gaba, a inda kai ka yi takwas. Kuma har yanzu ba a san bakin zoben ba, tunda F suka haɗu, ba D ba. Wannan ne mutane da yawa ke mantawa idan suna yabon hanyar.

Neman bakin zoben yana buƙatar zango na biyu, wanda a wurina shi ne mafi daɗin abin. Ka mayar da kunkuru kan jeri, ka bar zomo a mahaɗa, sannan kowa ya riƙa taku ɗaya. Layukan nan a cikin `akwai_zobe` za su shiga, a wurin `return True`, in sun gama sai ka yi `return kunkuru`.

```python
kunkuru = kai
while kunkuru is not zomo:
    kunkuru = kunkuru.next
    zomo = zomo.next
```

A da F suka tashi. Sai B da G, sai C da H, sai D da D. Ba sa'a ba ce. A lokacin haɗuwar farko kunkuru ya yi taku `k`, zomo ya yi `2k`, kuma suna wuri ɗaya, don haka rarar da ke tsakaninsu, wato `k`, cikakkun kewaye ne na zoben. A misalinmu `k` biyar ne, zoben ma biyar. Yanzu ka ɗauki wanda ke tsaye a mahaɗa tamkar ya yi taku `k` daga kan jeri. Idan ya ƙara taku uku na miƙaƙƙiyar hanya, jimillarsa ta zama taku uku da cikakkun kewaye. Uku suna kai mutum D, cikakken kewaye kuma yana dawo da shi inda yake. Shi ma wanda ya taso daga A a taku uku yake isa D. Dole su gamu a bakin ƙofa. Da wannan zango karatun `next` ya kai ashirin da ɗaya. Idan kuma tsawon zoben kake so, sai ka tsayar da ɗaya, ka bar ɗayan ya kewaya kana ƙirgawa har ya dawo.

Hujjar nan ta dogara kan abu biyu, cewa tare suka tashi, kuma gudun ɗaya ne da biyu. Za ka ga wasu suna fara zomo daga `kai.next`. Wajen gano ko akwai zobe wannan ba laifi, amma gwada shi a jerinmu: za su haɗu a E a zagaye na huɗu. Ka shiga zango na biyu da A da E, sai B da F, C da G, D da H, E da D, daga nan kuma tazarar taku ɗaya ta zauna daram, furogiram ya yi ta juyawa ba ya fita. Wanda ya zo kama madauki marar ƙarshe ya ƙirƙiro nasa. Haka ma idan ka ce zomo ya yi taku uku don a gama da wuri. In tare suka tashi za su haɗu, sai dai `k` ba lallai ya zama cikakken kewaye ba, zango na biyu ya lalace. In kuma ka haɗa taku uku da farawa daga `kai.next`, rarar kullum mara ce, don haka a zobe mai gaɓa huɗu ko shida ba za su taɓa haɗuwa ba sam.

Akwai kuskure guda da ke kama hanyoyin biyu, kuma ina so ka koma ka duba aikinka saboda shi. Gaɓa ake kwatantawa, ba abin da ke cikinta ba. Jeri mai ɗauke da 7, 3, 7 ba shi da zobe, bakwai ne kawai ya zo sau biyu. Idan abin da ke cikin gaɓar kake zubawa a `set`, zai ce maka akwai zobe alhali babu. Shi ya sa na rubuta `is` a sama ban rubuta `==` ba. A Python kuma, idan ajin gaɓarka yana da `__eq__` amma ba shi da `__hash__`, `set` zai ƙi karɓar ta ya ba ka `TypeError`, sai ka ajiye `id(gaba)` a madadinta. Hanyar kunkuru ba ta san wannan matsala ba, amma tana da tata: idan ka manta duba `zomo.next` kafin tsalle biyu, jerin da ba shi da zobe kuma gaɓoɓinsa mara ne zai fasa maka furogiram a gaɓar ƙarshe. Kuma kwatancen ya zo bayan an motsa, in ba haka ba tun a kan A za su ce sun haɗu.

Ni dai idan ina bin sawun wata matsala a Python, jerin kuma bai wuce dubbai ba, `set` nake ɗauka, domin duk wanda ya zo bayana zai karanta ya gane nan take. Haka nan idan kowane taku yana da tsada, misali sai an karanto gaɓa daga faifai ko an tambayi wata kwamfuta ta intanet, takwas da ashirin da ɗaya ba ɗaya ba ne. Kunkuru da zomo nake nema idan memori ne ya yi ƙaranci, kamar a ƙaramin allo irin Arduino Uno mai kilobait 2 na memorin aiki, ko a C inda babu `set` a shirye sai ka gina da hannunka. Sai kuma inda babu jerin ma a ajiye, lissafi ne ke haifar da kowace lamba daga wadda ta gabace ta, kamar hanyar rho ta John Pollard ta 1975 ta nemo lambobin da ke raba babbar lamba. A can lambobin da za a bi suna iya yawan da ajiye su ba zai yiwu ba.

Akwai ta uku, ta Richard Brent ta 1980, in malaminku ya tambaya. A cikinta kunkuru zama yake yi, zomo yana taku ɗaya ɗaya, kuma duk lokacin da ƙirgar ta cika 1, 2, 4, 8 da sauransu sai a ɗauko kunkuru a ajiye shi inda zomo yake, a soma ƙirga daga farko. Memorinta O(1) ne kamar ta Floyd, galibi takunta bai kai na Floyd yawa ba, kuma tana ba da tsawon zoben kai tsaye.

Kafin ka miƙa aikin, gwada shi da jeri marar gaɓa ko ɗaya, da gaɓa guda mai nuna `None`, da gaɓa guda mai nuna kanta, da gaɓa biyu da uku marasa zobe, da jerin da wutsiyarsa ta koma kan gaɓar farko, sannan 7, 3, 7 ɗin nan. Ka gudanar da tsohon aikinka na `set` a gefe, duk inda amsoshin biyu suka saɓa, nan za ka fara bincike.