Gasa nomal maf a Blender da keji ko babu keji: wanne ya dace da akwatinka?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Na sassaƙa akwatin katako mai ɗaurin ƙarfe da ƙusoshi a Blender, fuskoki wajen miliyan 3, ƙaramin samfurinsa kuma 800. Da na gasa nomal maf sai baƙin layi ya fito a duk kusurwoyi. Wani ya ce in kunna Cage, wani ya ce Extrusion kawai zan ƙara. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Bambancin hanyoyin nan yana ga alkiblar da manhajar ke harba kibiyoyinta. A lokacin gashi, kowane fiksel na ƙaramin samfurin yana aika kibiya ta je ta taɓa sassaƙar, ta dawo da labarin inda fuskar wurin ta kalla. Wannan labarin ne ake rubutawa da launi a hoton da ake kira nomal maf.

Idan ba ka kunna Cage ba, kibiyar tana bin alkiblar fuskar da ta fito daga cikinta. A kan shimfiɗaɗɗen murfi wannan ya yi daidai, kowane kan ƙusa zai fito a zagaye kamar kana kallonsa daga sama. Matsalar tana kusurwa. In ka mayar da gefen akwatin mai kaifi, kibiyoyin murfi suna tafiya a tsaye, na gefe suna tafiya a kwance, sai a bar wani ɗan yanki a tsakani da babu wadda ta taɓa shi. Lanƙwasar da ka sha wahalar sassaƙawa a bakin katakon tana cikin yankin nan, shi ya sa ka ga layi. Ƙara Extrusion ba ya rufe wannan giɓin. Amfaninsa shi ne kibiya ta fara daga wajen sassaƙar: in ƙusoshinka sun taso milimita 4, sa 0.006 idan ma'auninka mita ne. Ka zarce da yawa kuwa, hannun akwatin zai bar inuwarsa a jikin katako.

Keji kuma, wato Cage, kwafin ƙaramin samfurin ne da aka ɗan kumbura shi har ya lulluɓe sassaƙar. Kibiyoyi suna tasowa daga gare shi zuwa ciki, a kusurwa suna juyawa a hankali kamar buɗaɗɗen mafici, babu inda suka tsallake. Ni na fi son in yi shi da hannu: Shift+D, ka shiga Edit Mode, ka zaɓi komai, Alt+S ka kumbura, sannan ka zagaya ka ja duk inda sassaƙar ta leƙo waje. Kada ka ƙara ko ka goge fuska ko ɗaya, domin dole yawansu da jerinsu su zo daidai da na asalin. Sai ka sa shi a Cage Object.

Amma keji yana da nasa aibin. Tunda kibiyoyin sun karkata tun daga kusurwa, a babbar fuska guda karkatar tana bazuwa har tsakiya. Ƙusoshin da ke kusa da baki za su fito a miƙe kamar ƙwai, sun jingina waje guda. Da ka ga haka ka san keji ne, ba sassaƙarka ba.

Ga akwatinka, keji zan ce ka bi, don idon mai kallo kusurwa yake fara kamawa inda haske ke sheƙi. Maganin karkatar yana da sauƙi: ka yanka ƙarin layuka kusa da bakin kowace babbar fuska kafin ka kwafi kejin, karkatar za ta tsaya a siririn yankin nan. Ko ka gasa sau biyu, da keji da babu keji, ka haɗa hotunan: kusurwoyi daga na farko, ƙusoshi daga na biyu. Da a ce bango ko daɓe kake gasawa a kan fuska ɗaya shimfiɗaɗɗiya, da ban ma ce ka taɓa keji ba.

Abu ɗaya da keji ba zai gyara maka ba, kuma na daɗe ina zarginsa a banza kafin in gane: duk gefen da ka mayar mai kaifi dole ka raba shi a UV, wato shimfiɗar fuskokin samfurin a kan hoton. In fuskokin biyu suna manne a hoton, launukansu masu saɓani suna cakuɗuwa a fiksel ɗin iyaka, layin ya dawo. Ka yi Mark Seam a wuraren, ka bar tazara tsakanin gutsattsarin, ka sa Margin 16 a hoton 2048. Hoton kuma ya kasance a Non-Color. Bayan gashi ka dubi murfin: wurin da babu ado ya kamata ya zama shuɗi-shuɗi bai ɗaya, wato 128, 128, 255. In ka ga launi yana malala daga wannan baki zuwa wancan, akwai gefen da ka manta ba ka kaifafa ba.