Gargaɗi: ku kula da masu dizayin ɗin "biya duk wata"

Salam jama'a, dan Allah masu ƙananan sana'a ku karanta. Ƙungiyarmu ta mata ce a wani ƙauye kusa da Ringim, muna matsar man gyaɗa muna kaiwa kasuwar Gujungu, ni nake riƙe kuɗin. Sitika kawai muke so wadda za a liƙa a jikin robar mai, sai tambari.

Wani saurayi ya biyo ni ta WhatsApp ya ce Hajiya ai jinga asara ce, gara kuɗin wata, dubu 20 duk wata, dizayin ko nawa muke so zai yi, amma sai an ba shi na wata uku a dunƙule. Muka tura dubu 60, kuɗin adashen mata ne wallahi. A wata ukun nan abu uku ya yi, tambari, sitika da fostar azumi ɗaya, kun ga kowanne ya tashi a dubu 20 kenan, alhali daga baya wani mai shago a Ringim ya ce min irin sitikar nan jingarta dubu 5 ce har da gyara sau biyu.

Abin da ya fi ƙona min rai, lambar wayarmu ya rubuta ba daidai ba, na ce ya gyara, sai ya ce gyara ba ya cikin kuɗin wata, lissafin awa ne, dubu 2 duk awa kuma wai awa tara zai ɗauka. Dubu 18 don canza lamba ɗaya! Na kai hoton wajen masu bugawa a Kano suka ce wannan JPG ne da WhatsApp ya matse, in aka buga rubutun zai dushe, in kawo asalin fayil ɗin CorelDRAW ko PDF. Na tambaye shi, ya ce wannan ma kuɗinsa daban, daga nan ya daina ɗaga waya.

Ba wai kuɗin wata haramun ba ne, yana da amfani ga mai fitar da talla duk sati, amma a rubuta dizayin nawa ne a wata, kwana nawa kowanne zai ɗauka, kuma wata ɗaya-ɗaya ake biya. Irinmu masu aiki ɗaya biyu jinga ce daidai da mu, a yanke kuɗi tun farko, a faɗi gyara sau nawa, rabi kafin alƙalami, ragowar sai asalin fayil ya shigo hannunki mai bugawa ya buɗe ya ce ya yi. In ya ce awa, ya faɗi iyakar awannin kafin ya taɓa aikin, don ba kya wajen balle ki ƙirga.

Na ji yana bin ƙungiyoyin mata ta wajen Taura yanzu da maganar wata ukun nan, ku sanar da shugabanninku tun kafin su tura.