Odita ya tambaye ka nawa kamfani ke bin ka: wace amsa za ka zaɓa?

Daga Janairu zuwa Maris, dilolin da ke ɗaukar kaya bashi a hannun manyan kamfanoni sukan samu wata wasiƙa. Tana ɗauke da tambarin kamfanin da ke ba su kaya, amma ta ce a mayar da amsa ga odita. Abin da take cewa bai wuce wannan ba: littafinmu ya nuna muna bin ka kuɗi kaza a ranar 31 ga Disamba, ka tabbatar ko haka ne. Ba takardar neman biya ba ce. Odita na duba littattafan kamfanin ne, kuma ƙa'idar aikinsa ta duniya, ISA 505, ta tsara yadda zai ji ta bakin wanda ake bi kai tsaye, domin wanda ya rubuta bashi ba ya zama shaidar kansa.

Kafin ka zaɓi amsa, duba irin wasiƙar. Wata za ta faɗi adadi ta ce ka amsa, ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Wata za ta bar wurin adadin babu komai, kai za ka cike daga naka littafin. Akwai kuma wadda ke cewa kada ka amsa sai in kana da ja. Ita wannan ta ƙarshe, in lissafi ya yi daidai, ka ajiye ta a fayil, shi ke nan.

Bari mu yi misali da dila a kasuwar Singa a Kano da ke ɗaukar kayan masarufi daga wani kamfani a Legas. Wasiƙa ta ce ana bin sa N18,400,000. Littafin shagonsa ya ce N12,150,000. Tsakaninsu akwai N6,250,000.

Hanya mafi sauƙi ita ce ya sa hannu ya buga hatimi a kan adadin da aka turo. Da yawa haka suke yi, don gudun ɓata wa kamfani rai ko don wakilin kamfanin ya ce ai cika ƙa'ida ce kawai. In ka buɗe littafi ka ga lissafin ya zo daidai, to wannan ita ce amsar, minti biyar ka gama. In ba ka buɗe ba, ka sa hannu ke nan a kan bashin da ba ka san asalinsa ba, kuma ranar da rigima ta tashi lauyan kamfani zai iya ɗauko takardar ya ce ga amincewarka a rubuce. Ga dilanmu, sa hannu na nufin ya karɓi ƙarin miliyan shida da kwata ba tare da ya tambayi daga ina suka fito ba.

Yin shiru ma zaɓi ne, don odita ba shi da ikon tilasta maka. Zai sake turowa, in bai ji ka ba ya koma ya duba kuɗin da ka biya bayan ƙarshen shekara da takardun lodin kaya. Shi aikinsa zai tafi. Kai ne ka rasa damar da wani daga waje zai kalli asusunka ya ga kuskuren da ka daɗe kana kuka a kai.

Amsar da na fi ba da shawara, duk lokacin da adadi ya saɓa, ita ce ka rubuta naka adadin ka bi bambancin ɗaya bayan ɗaya. Ta fi cin lokaci, wataƙila yini guda na akawunka, amma ita kaɗai ke da amfani ga kowa. Abin da ya fi rikita mutane a nan shi ne rana. Ba abin da ake bin ka yau ake tambaya ba, abin da ake bin ka a daren 31 ga Disamba ake so. Mutum zai ce ai na biya duka a Fabrairu, sai ya rubuta ba a bin sa ko kobo. Wannan amsa ba daidai ba ce, ko da gaskiya ya biya.

Da akawun dilanmu ya karɓi bayanin asusu daga kamfani ya jera shi da nasa, sai abubuwa uku suka fito. Akwai cek na N4,000,000 da aka rubuta ranar 30 ga Disamba, shi ya cire daga bashin nan take, kamfani kuwa bai shigar ba sai 3 ga Janairu da kuɗin suka faɗa banki. Akwai kaya na N1,800,000 da kamfani ya yanka wa inbois ranar 29 ga Disamba, amma tirela ba ta sauke a sito ba sai 4 ga Janairu, don haka dila bai rubuta su a tsohuwar shekara ba. Sai kuma katan-katan na N450,000 da suka zo a lalace tun Nuwamba, aka mayar, direba ya sa hannu a webil, amma har yau kamfani bai rage su ba. In ka haɗa ukun, N6,250,000 cif.

Biyun farko saɓanin lokaci ne, babu wanda ya cuci wani, kuma za su daidaita da kansu. Na kayan da ke kan hanya ma ya danganta da yarjejeniyarku: in kaya na zama naka tun daga ƙofar masana'anta, to kamfani ne ke da gaskiya. Na ukun shi ne ainihin ja, shi ya kamata a fito da shi sarari. Amsar kanta ba ta buƙatar dogon turanci. Ka ce littafinmu ya nuna N12,150,000 a wannan rana, ka jera ukun da lambar cek, lambar inbois da ta webil, ka haɗa kwafinsu. Dila da kansa ko shugaban sashen kuɗinsa ya sa hannu da sunansa da muƙaminsa, ba yaron shago ba. Wanda yake cire harajin riƙo kafin ya biya, wato kason da mai biya ke riƙewa daga kuɗin ya kai wa hukumar haraji a madadin kamfani, shi ma ya duba wajen nan, domin sau da yawa ragowar da kamfani ke gani a matsayin bashi kuɗin harajin ne da ba a kai masa shaidar biyansa ba.

In littafinka ba ya fitar da jimilla ta tsohuwar rana, kada ka yi ƙiyasi. Gaya wa odita haka, ka tura masa jerin inbois ɗin da ba ka biya ba a lokacin, ko ka roƙi ya zaɓo waɗanda yake so ka tabbatar.

Saura ta inda amsar za ta bi. Ambulan ɗin da aka haɗo da wasiƙar, mai adireshin odita, hanya ce mai kyau amma tana jan lokaci. Imel ya fi sauri, muddin daga adireshin kamfaninka ya fita, ya kuma tafi adireshin odita kai tsaye, da takardar da aka sa wa hannu a manne. Kada ka yi mamaki in ya kira ka don ya tabbatar kai ka turo. Hanyar da ba ta da kyau ita ce wadda ta fi kusa, wato miƙa wa wakilin kamfani da ke zuwa shagonka ya kai. Amsar da ta bi ta hannun kamfani ta rasa ƙimarta a wurin odita. Kuma in akwai wanda ke karɓar kuɗinka yana juyawa kafin ya kai asusu, yana toshe ramin da kuɗin wani dila, to shi ne zai fi kowa son takardar ta bi ta hannunsa.

Ita kanta wasiƙar a tantance ta tukuna. Dole ta zo da izinin kamfanin da ke bin ka, in ba haka ba ba ka da dalilin buɗe wa baƙo sirrin cinikinka. Kira sashen kuɗi na kamfanin a lambar da ka saba kira, ba wadda ke jikin wasiƙar ba, ka tambayi wane ne oditansu na bana. In ka ga lambar asusun banki a ciki ana cewa ka tura ragowar kuɗin can, ba daga odita ta fito ba, domin odita ba ya karɓar bashi.