Shago biyu, kwalba biyu: wane fondatan ne naki?

"Don Allah ku taimaka mini. Ni wankan tarwaɗa ce. A wani shago cikin Babbar Kasuwar Yamai na gwada fondatan mai harafin W, ya shige fatata tsaf. Na je wani shagon a Filato na gwada lamba ɗaya amma mai C, shi ma ya zauna daidai, W ɗin kuma ya koma ruwan ɗorawa. Wanne zan saya?"

Ƴar'uwa, kada ki sayi ko ɗaya tukuna. Fatarki ba ta canza ba a hanya, ampul ɗin da ke bisa kanki ne ya canza.

Lambar da ke jikin kwalba tana nuna duhu ko hasken launin. Harafin kuma yana nuna launin da ke kwance ƙarƙashin wannan duhun. A wajen yawancin kamfanoni W na nufin ya karkata ga ruwan ɗorawa ko zinariya, C ya karkata ga ja, N yana tsakiya. A wasu kayan da ke zuwa daga Faransa za ki ga D a matsayin W, R a matsayin C. Kamfanin MAC kuwa ya juya lissafin, NC ɗinsa ne mai zinariya, NW mai ja-ja. Mata biyu na iya zama wankan tarwaɗa, duhunsu ɗaya, amma kwalba ɗaya ba za ta yi musu ba saboda wannan launin na ƙarƙashi.

Daga bayaninki, shagon farko ampul mai ruwan ɗorawa gare shi, irin wanda ake rubuta 2700K ko 3000K a kwalinsa. Wannan hasken shuɗinsa kaɗan ne. To abin da ke sa ido ya gane cewa fondatan ya fi fata ɗorawa shi ne yadda yake shanye shuɗin haske fiye da fatar. Idan babu isasshen shuɗi a ɗakin, bambancin ya ɓace, fuska da abin da aka shafa mata duk sun zama zinariya. Wannan hasken yana ɓoye wani aibin da ya fi wannan muni: fondatan da ya fi fata haske, wanda farin sinadari ya yi masa yawa. A shago za ki gan shi sumul, ki fito waje ki tarar fuska ta yi toka-toka.

Shago na biyu da alama farin ampul ne tas, mai 6500K, ko dogon neyon. A nan shuɗi ya yi yawa, ja ne ya yi ƙaranci, musamman a ampul masu araha. Jan da ke cikin fatarki ba ya samun hasken da zai mayar wa ido, sai ki ga fuskarki ta dushe a madubi. Da kin shafa mai C, sai ki ga kamar jini ya dawo miki, ki ce wannan ne nawa. Ƙarin jan da ke cikinsa bai fito duka ba, yana jiran rana. Ranar da kika fita da shi biki za ki ga fuska ta yi jan ƙasa irin na gefen hanya, wuya da hannuwa kuma suna nan da launinsu. W ɗin da kika gani ya koma ɗorawa a can, farin ampul ya ƙara masa gishiri, amma ba lallai ne ƙarya tsantsa ya yi miki ba.

Idan dole sai an zaɓa tsakanin biyun, farin ampul ya fi faɗin gaskiya a kan duhu da haske, don toka-toka ba ta ɓoyuwa a ƙarƙashinsa. A kan launin ƙarƙashi kuwa kowanne yana jan ki gefensa. Tun da kowace kwalba ta dace ne kawai a ƙarƙashin hasken da ke rufa mata asiri, ina kyautata zaton ke mai N ce, ko kusa da haka. Ki sa shi cikin gwaji.

Ki je da safe, wajen ƙarfe tara zuwa sha ɗaya, fuska a wanke, man da kika saba shafawa ya riga ya shige. Ki riƙe ƙaramin madubinki. A ja miki layi uku daga ƙasan kunci zuwa kan muƙamuƙi har su ɗan taɓa wuya: W, N, C, kowanne tsawon gaɓar yatsa biyu, da ɗan fili a tsakaninsu. Kada a murje su sosai, a ɗan danna gefe ɗaya kawai. Bayan hannu ba wurin gwaji ba ne, ya fi fuska shan rana, cikin hannu kuma ya fi ta haske.

Sannan ki jira minti goma zuwa sha biyar. Fondatan da yawa yana ƙara duhu idan ya bushe ya haɗu da maiƙon fata, wani ma ya karkata ga ruwan lemu. A zafin Yamai, mai fata mai maiƙo za ta ga wannan da wuri. Wadda ta biya kuɗi a minti na farko ta sayi launin da ba zai kai ta gida ba.

Ki fito bakin ƙofa ki tsaya a inuwa, fuskarki na kallon fili. Tsayuwa cikin rana ba ta yi, ƙyalli zai cika miki ido. Ƙarƙashin rumfar tamfol mai launi ma ba ya yi, kuma kasuwa cike take da su. Ki miƙa madubin tsawon hannu. Layin da ya fito kamar an shafa ɗorawa, W ya yi miki yawa. Wanda ya yi ja ko ruwan lemu, C ya wuce. Idan duka ukun sun yi fari-fari, ba harafi ba ne matsalar, ki ƙara lamba ɗaya zuwa duhu. Wanda sai kin nemi inda aka shafa shi, shi za ki biya. Hoton waya kada ki dogara da shi, kamara tana gyara launi da kanta.

Wannan dabarar ta duba jijiyoyin hannu ko kore ne ko shuɗi, a fata irin tamu sau da yawa jijiyar ma ba ta fitowa sosai, ban ga amfanin ɓata lokaci a kanta ba.

Idan kina sa hijabi kullum, akwai ƙarin abin lura. Wuyanki da gefen muƙamuƙi ba sa ganin rana, goshi da kunci ne ke shan ta, don haka sau da yawa sun fi duhu. Idan da hijabi za ki fita, ki ƙara layi ɗaya a kan kunci, domin shi jama'a za su gani. Idan biki ne da ɗaurin kallabi, wuya a buɗe, launin muƙamuƙi za ki bi, ki ɗan gangaro da shi kan wuya.

In a inuwar kin ga W ya ɗan yi ɗorawa, C ya ɗan yi ja, shagon kuma ba shi da N, kwalba biyun na iya aiki tare matuƙar kamfani ɗaya ne, iri ɗaya. Ki fara da ɗigo biyu na W da ɗaya na C a bayan hannu, ki gauraya, ki gwada a muƙamuƙi kusa da taga. Mai ruwa-ruwa da mai maiƙo kada ki haɗa su, suna iya tsinkewa a fuska. Kuma wanda kika zaɓa lokacin sanyi, ki sake gwada shi cikin watan Afrilu, bayan ranar bazara ta taɓa goshi.