Wace Manhaja Za a Zaɓa Don Kwafe Rubutun Hannu na Larabci Mai Ɗauke da Lambobin Boko?

Duk wanda zai zauna ya kwafe wasiƙa ko rajista ko littafin da aka rubuta da hannu da haruffan Larabci, ko da Larabcin ne ko da Ajami, ya kamata ya gwada manhajar da zai yi aiki da ita da layi ɗaya tak kafin ya amince da ita, kuma layin ya ƙunshi kwanan wata da lambobin boko. Haruffan ba su cika ba da wahala ba a yau, domin kusan kowace manhaja tana haɗa su daidai. Inda aiki yake lalacewa shi ne wurin da lamba ta shigo tsakiyar jimla, saboda kalmomi suna tafiya daga dama zuwa hagu, ita kuwa lamba kamar 1952 tana tafiya daga hagu zuwa dama.

A ɗauka marubucin takardar ya rubuta كتب في sannan ya biyo da kwanan wata wanda, idan aka duba shi daga hagu, ya zama 15-3-1952. Mai kwafewa zai buga 15, ya buga karan tsakiya, ya buga 3, ya ci gaba har ƙarshe, amma a manhajar da take bin ƙa'idar Unicode, wato tsarin bai ɗaya na adana haruffa a kwamfuta, sai ya ga 1952-3-15 a kan allo. Dalili shi ne ƙa'idar tana ɗaukar duk lambar da ta biyo bayan harafin Larabci a matsayin lambar Larabci, kuma karan tsakiya ba ya ɗaure irin waɗannan lambobi wuri ɗaya, don haka kowane yanki yake zama shi kaɗai, a jera su daga dama. Da an raba kwanan watan da alamar / da bai wargaje ba, domin ita tana ɗaure su. Haka kuma lambar da aka raba da fili, kamar lambar rajista mai yanki uku, ita ma juyewa take yi.

Babban kuskuren da ake yi a nan shi ne mai kwafewa ya juya bugun, ya fara da 1952 domin allo ya yi kama da takarda. Ido zai gamsu, amma abin da aka adana a cikin fayil ya zama baibai, kuma ranar da aka nemi kwanan watan ta hanyar bincike, ko aka kwashe rubutun zuwa jadawali, ba za a same shi yadda yake ba. Doka ita ce a buga komai bisa tsarin da ake karanta shi, sannan a gyara yadda yake fitowa da alamomin da ba a gani. Mafi sauƙinsu ita ce LRM, mai lamba U+200E, wadda idan aka saka ta dab kafin 15 sai kwanan watan ya miƙe gaba ɗaya. Akwai kuma LRI da PDI, wato U+2066 da U+2069, waɗanda aka ƙara a Unicode 6.3 a shekarar 2013. Su suna killace lambar ne ta gaba da baya domin kada ta shafi abin da ke kusa da ita, sai dai tsofaffin manhajoji ba duka suke gane su ba. Kafin a saka ko ɗaya, a tabbatar da ɓangaren da marubucin ya fara, domin da yawa daga masu rubutun Larabci suna sa rana a dama, shekara a hagu, kuma idan haka takardar take, babu abin gyarawa.

Da wannan ma'auni, Microsoft Word yana da ƙarfi wajen tsara shafi, kuma danna Ctrl tare da Shift na dama yana mayar da sakin layi ya fara daga dama idan an kunna Larabci a kwamfutar. Abin lura game da shi shi ne yana tuna madannan harshen da aka buga kowane yanki da su, saboda haka kwanan wata ɗaya yana iya fitowa iri biyu gwargwadon ko an sauya madannai kafin a buga shi, kuma wannan bayani ba ya bin rubutun idan aka kwafe shi zuwa waje. Akwai kuma saitin Numeral a ƙarƙashin File > Options > Advanced, inda Arabic yake nufin 123, Hindi kuma yake nufin ١٢٣. Idan aka bar shi a kan Context, lambobin boko da ke cikin jimlar Larabci za su fito da siffar ١٢٣ a kan allo alhali ba ita aka adana ba, wanda hakan matsala ce ga mai son kwafi ya nuna ainihin abin da marubuci ya rubuta. A sa shi a kan Arabic, sannan a buga kowace lamba da siffar da take a takarda.

LibreOffice Writer ya fi dacewa, a ganina, da wanda lambobi suka yi yawa a takardunsa. Bayan an kunna Complex text layout a saitin harsuna, Ctrl+Shift+D yana mayar da sakin layi ya fara daga dama, kuma alamar LRM da takwararta RLM, ta dama zuwa hagu, suna nan a Insert > Formatting Mark, ba sai an haddace lambobinsu ba. Shi ma yana da saitin siffar lambobi, kuma shawarar ɗaya ce. Google Docs yana da maɓallan juya sakin layi kuma yana da amfani idan mutane da yawa suna duba kwafi ɗaya, amma saka alamomin ɓoye da gano inda suke ya fi wuya a cikinsa, don haka ban ba da shawararsa ga rajista mai cike da kwanan wata ba.

Wanda yake son kwafinsa ya daɗe kuma ya shiga rumbun adana bayanai, gara ya duba HTML, wato tsarin rubuta shafukan intanet, domin a nan umarnin alkibla yana fili, kowa yana iya ganinsa ya gyara:

```html
<p dir="rtl">كتب في <bdi dir="ltr">15-3-1952</bdi></p>
```

Wahalarsa ita ce buga shi yana ɗaukar lokaci, kuma layin da ya haɗa Larabci da umarni yana rikita ido. Fayil na rubutu zalla mai tsarin UTF-8 ya fi sauƙi, amma ba ya adana alkiblar sakin layi, sai manhajar da ta buɗe shi ta yi hasashe, yawanci daga harafin farko; layin da ya fara da lambar ajiya irin MS 12 zai iya juyewa gaba ɗaya. PDF kuwa na bugawa ne da rarrabawa, bai kamata ya zama asalin kwafin ba, domin sau da yawa rubutun da aka kwaso daga cikinsa yana fitowa a hargitse.

Abu biyu ne suke yaudarar mai zaɓe. Na farko shi ne tura rubutu zuwa gefen dama, wanda ba ɗaya yake da juya alkiblar sakin layi ba, kuma ana gane bambancin daga ɗigon ƙarshen jimla: idan ya koma dama, kusa da farkon layi, to alkiblar tana nan a ta boko. Na biyu shi ne salon haruffa. Scheherazade New da Harmattan suna da kyau wajen fito da haruffa da wasulla, amma sauya salo ba ya gyara jerin lambobi ko kaɗan.

Saboda haka, kafin a tsayar da shawara, a buga layin gwajin nan, a ƙara masa baka biyu da ɗigo a ƙarshe, a adana, a rufe, a sake buɗewa. Daga nan a nemi 15-3-1952 ta hanyar bincike, sannan a kwafe layin zuwa Notepad, inda danna dama yake ba da Show Unicode control characters, a ga ko alamar da aka saka ta biyo shi. Idan wasu ne za su karɓi fayil ɗin, a buɗe shi a irin manhajar da suke amfani da ita tun a shafin farko, kafin a kwafe sauran.