Subtitle Edit: abin da na gani bayan na yi aiki da ita a kan sabtaitul na Hausa

Masu ɗora fassara a ƙasan bidiyo, wannan manhajar ta Subtitle Edit ta cancanci a sauke ta gaskiya. Kyauta ce, a kwamfuta mai Windows nake amfani da ita, kuma abin da ya kai ni gare ta wani fayil ɗin sabtaitul ne nau'in ASS da aka turo min na wani shirin gaskiya mai tsawon awa biyu, aka ce in mayar da shi SRT saboda talabijin ɗin da za a kalla ba ta karanta ASS.

Canza nau'in fayil ɗin ba wani aiki ba ne, ka buɗe shi, ka je akwatin Format da ke sama ka zaɓi SubRip wato SRT, ko WebVTT wato VTT, ka yi sebin. Amma ka sani ASS na ɗauke da font da girman rubutu da salo iri-iri, SRT kuwa lamba ce kawai da lokaci da magana, to yawancin kwalliyar nan zubewa take. A nawa, rubutun allon da mai fassara ya ajiye a gefe sai ya faɗo kan maganar mutane lokaci guda, sai da na bi na raba su. Kuma don Allah a daina canza sunan fayil daga .srt zuwa .vtt ana cewa an juya, bambancin a ciki yake:

```
00:01:05,200 --> 00:01:08,000
00:01:05.200 --> 00:01:08.000
```

Na sama SRT ne da waƙafi, na ƙasa VTT da ɗigo, kuma dole layin farko na VTT ya zama WEBVTT in ba haka ba burauza ba za ta karɓa ba.

Inda ta fi burge ni shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Da na buɗe fayil ɗin a wata fleya sai na ga ƙasa ta koma Æ™asa, ɗaya ta koma É—aya. In ka ga haka kar hankalinka ya tashi, rubutun lafiyarsa lau, UTF-8 ne aka karanta shi a matsayin Windows-1252, shi kuma wannan tsohon tsarin babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa sam. A menu na File akwai inda za ka shigo da sabtaitul kai ka zaɓi encoding, wato tsarin haruffa, da hannunka, yana nuna maka yadda rubutun zai fito kafin ka amince. Na zaɓi UTF-8 komai ya dawo, na yi sebin da UTF-8 with BOM don fleya ta gane shi da kanta. Wanda ba shi da magani shi ne in ka tarar da ?asa, alamar tambaya a gurbin harafin, wannan wani ya riga ya yi sebin da ANSI, wato irin tsohon tsarin nan, harafin ya tafi, babu manhajar da za ta dawo da shi sai dai ka nemi asalin fayil ko ka zauna ka gyara kalma-kalma. In kuma ɗan akwati kake gani a talabijin alhali a kwamfuta daidai yake, to font ɗin talabijin ɗin ne ba shi da harafin.

Sai lokaci. Kafin ka taɓa komai duba magana ta farko da ta ƙarshe. In tazarar iri ɗaya ce, misali sakan 3 a farko sakan 3 a ƙarshe, Adjust all times da ke ƙarƙashin Synchronization ya isa. Nawa ba haka ba ne, farko daidai, a tsakiya rubutu ya riga magana da wajen minti biyu da rabi, a ƙarshe kusan minti 5. Wannan alama ce an yi sabtaitul ɗin a kan bidiyo mai firem 25 a sakan, nawa kuma 23.976 ne, bambancin kashi 4 cikin 100 da ɗan ɗoriya wanda ke taruwa a hankali. Na shiga Change frame rate na sa daga 25 zuwa 23.976, nan take ya hau.

In ba ka san firem ɗin ba yi amfani da Point sync, ka nuna mata daidai inda layin farko yake da inda na ƙarshe yake, ita za ta miƙe sauran. Sai dai in an yanke wani sashe a bidiyon wurare biyu ba za su isa ba, dole ka ƙara wasu kafin yankan da bayansa, kuma nan hoton sautin da take nunawa a ƙasa ke taimakawa sosai don kana ganin inda murya ta fara sai ka ja layin ka ajiye a kai.